Shawarar jarirai da cututtukan goyon ciki: tambayoyi da amsoshi kan raunin ji da ake makara wajen ganewa

Yawancin iyaye ba sa fara zargin cewa ɗansu ba ya ji sai ya kai shekara biyu ko uku bai fara magana ba, alhali a lokuta da dama abin da ya lalata jin ya faru ne tun yana ciki, ko kuma a makonsa na farko a duniya, kafin a raɗa masa suna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi game da wannan tazara da ke tsakanin ranar da ɓarnar ta auku da ranar da aka gane ta.

Ina haɗin shawara da kunne, tunda a ido da fata ake ganinta?

Abin da ke mayar da idon jariri da fatarsa rawaya wani sinadari ne da ake kira bilirubin, wanda jiki ke samarwa duk lokacin da jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka farfashe. Aikin hanta ne ta sarrafa shi domin ya fita ta bahaya. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa waɗanda ba sa daɗewa kamar na babba, hantarsa kuma ba ta gama ƙwari ba, don haka sinadarin yakan taru a kwanakin farko. Wannan ya sa kimanin jarirai 6 cikin 10 da suka cika watanninsu, da kimanin 8 cikin 10 na bakwaini, sukan yi shawara a makon farko, kuma mafi yawansu sukan warware ba tare da wata illa ba.

Matsalar tana tasowa ne idan sinadarin ya yi yawan da jini ya kasa riƙe shi, sai ya tsallaka zuwa cikin ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwaƙwalwar ma yana da wuraren da ya fi yi wa lahani, kuma jijiyar ji da cibiyoyin da ke karɓar sauti a gindin ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda suka fi saurin tabuwa. Shi ya sa ake samun yaron da ya yi shawara mai tsanani, ya tashi yana tafiya da ƙafafunsa, hankalinsa lafiya lau, amma jinsa kaɗai ya samu matsala.

Yaya za a bambanta shawarar da za ta wuce da kanta da wadda ke buƙatar asibiti?

Abu na farko shi ne ranar da ta bayyana. Shawarar da aka saba gani takan fito a rana ta biyu ko ta uku, ta kai ƙololuwarta tsakanin rana ta uku da ta biyar, sannan ta fara ja da baya. Duk shawarar da ta bayyana cikin awa 24 na farko ba ta cikin wannan rukuni, kuma a ranar ya kamata a kai jaririn asibiti ko da yana shan nono sosai.

Abu na biyu shi ne inda ta kai a jiki, domin daga kai take farawa ta gangara zuwa ƙirji, ciki, cinyoyi, sannan tafin hannu da na ƙafa. Idan tafin hannu ko tafin ƙafa ya yi rawaya, to abin ya yi nisa. A fatar da take da duhu launin ba ya fitowa fili, saboda haka a duba farin ido da dasashi, ko a danna goshi ko karan hanci da yatsa na ɗan lokaci a ɗaga a ga launin da ya bayyana. Kuma a hasken rana za a yi wannan dubawa, a bakin ƙofa ko kusa da taga. A nan ne al'adarmu ta jego take da wani gibi da ya kamata a faɗa: ana sallamar mai haihuwa daga asibiti bayan 'yan awoyi, ko ta haihu a gida, sai a kwantar da jaririn a ƙuryar ɗaki mai duhu, a naɗe shi da zani da hula, daidai kwanakin da shawarar take hauhawa. Sau da yawa sai ranar suna, da aka fito da shi waje, wata daga cikin 'yan barka ke lura da idonsa.

Abu na uku shi ne halin jaririn kansa. Idan ya daina kama nono, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko kukansa ya koma wani siriri mai tsini, ko yana banƙarewa yana mayar da wuya da gadon baya ta baya, to sinadarin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, kuma daga nan ana lissafi da awoyi ne.

Ido dai ƙiyasi yake yi. Gwajin jini ne ke faɗin adadin bilirubin ɗin, kuma ana karanta adadin ne tare da shekarun jaririn a awoyi: sakamakon 12 mg/dL a jaririn da bai wuce awa 24 ba abin tashin hankali ne, amma wannan adadin a lafiyayyen jariri ɗan kwana huɗu da ya cika watanninsa abu ne da aka saba gani. Akwai kuma wata shawarar daban da ke wuce mako biyu tare da farin bahaya da fitsari mai duhu, wadda ke nuna matsalar hanta ko hanyar matsarmama, ita ma tana buƙatar likita da gaggawa, ko da yake ba ita ce ke lalata ji ba.

Me ke sa shawarar wani jaririn ta yi tsanani fiye da ta wani?

Galibi saurin farfashewar jini ne. Idan rukunin jinin uwa O ne, na jariri kuma A ko B, garkuwar jikin uwa tana iya kai wa jinin jaririn hari. Haka kuma idan jinin uwa mai alamar ragi ne, wato wanda ake rubutawa Rh negative a katin awo, na jariri kuma mai alamar tarawa, sai dai wannan ya fi tsananta daga ciki na biyu zuwa sama. Ana hana shi da allurar anti-D, wadda ake yi wa uwar a wajen mako na 28 na ciki da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Sai kuma ƙarancin wani sinadarin kariya na jajayen ƙwayoyin jini mai suna G6PD, wanda ake gadonsa, ya fi bayyana a 'ya'ya maza, kuma yana da yawa ƙwarai a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Jaririn da ke da wannan ƙaranci lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da abin da zai fasa masa jini, kuma ɗaya daga cikin sanannun abubuwan shi ne ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai domin korar kyankyasai. Kayan da suka yi watanni da kafur, idan aka sa wa irin wannan jariri, suna iya tayar da shawara mai tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu. An kuma tabbatar da irin wannan illa daga shafa wa jariri lalle. Sauran dalilan sun haɗa da haihuwar bakwaini, shigar ƙwayar cuta ta cibiya, kumburin jini a kai bayan doguwar naƙuda, da rashin samun isasshen nono.

Shanya jariri a hantsi da ba shi ruwan gulukos ba su wadatar ba?

Ba su wadatar ba. Ruwan gulukos, da ɗigon maganin ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis, da jiƙe-jiƙen gida, babu wanda ke rage bilirubin a cikinsu. Ruwan gulukos ma cika cikin jariri yake yi ya rage masa shan nono, alhali nonon ne ke sa shi yin bahayar da sinadarin ke fita ta cikinta. Rana tana ɗauke da irin hasken da ake buƙata, amma tana tafe da zafi da hasken da ke ƙona fata, kuma 'yan mintocin hantsi ba sa saukar da adadin da ya riga ya hau. Gaskiya ne an gwada hasken rana a Legas, aka wallafa sakamakon a 2015, amma a ƙarƙashin wata rumfa ta musamman mai tace hasken aka yi, ma'aikatan jinya suna auna zafin jikin jariran a kai a kai, kuma ga masu shawara marar tsanani.

Maganin asibiti shi ne a kwantar da jariri tsirara a ƙarƙashin shuɗin haske, an rufe masa idanu, hasken ya sauya sinadarin zuwa yanayin da jiki zai iya fitar da shi. Idan adadin ya wuce abin da haske zai iya, sai a yi musanyar jini. Babbar illar magungunan gida ita ce kwana biyun da suke cinyewa ana jiran a ga ko za su yi aiki.

Yaya abin yake faruwa a zahiri, daga haihuwa har zuwa gano raunin ji?

A ɗauki misalin yaro namiji mai nauyin kilo 3 da aka haifa lafiya ranar Litinin da safe, aka sallame su da yamma. Jinin uwar O ne, ba a duba na yaron ba. Ranar Laraba kakarsa ta lura idonsa ya ɗan sauya, aka ce shawara ce irin wadda yayansa ya yi, aka fara shanya shi a hantsi. Ranar Alhamis da dare ya rage kama nono, amma da yake ba ya kuka sai aka ce yaro ne mai haƙuri. Ranar Juma'a da asuba ya fara wani kuka mai tsini yana banƙarewa, aka garzaya da shi asibiti, gwaji ya nuna 26 mg/dL, jininsa kuma B. Nan take aka sa shi a haske, aka nemi jini, aka yi musanya da kimanin mililita 480, wato ninki biyu na jinin jikinsa, ana zuƙe kaɗan ana mayar da kaɗan ta jijiyar cibiya. Ya farfaɗo, ya koma shan nono, aka sallame su bayan suna, kowa yana hamdala.

Da aka yi masa gwajin ji na gaggawa, wanda ake kira OAE, sai ya ci gwajin. Wannan gwaji ɗan abin sauraro ne ake sa wa a kunne, ya aika sauti, ya saurari amsar da katantanwar cikin kunne, wato sashen da ke karɓar sauti ya miƙa wa jijiyar ji, ke mayarwa. To ita katantanwar lafiyarta ƙalau, domin bilirubin jijiyar da ke bayanta ya taɓa. Gwajin da zai kama matsalar shi ne ABR, wanda ake manna 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yayin da jariri ke barci, a auna ko saƙon sauti yana isa gindin ƙwaƙwalwa a kan tsari. Ba a yi masa shi ba.

A gida kuma yaron yana firgita idan aka buga ƙofa, wani lokaci yana waiwayowa idan an kira shi, wani lokaci kuma ko gezau, har aka fara cewa miskili ne. Haka wannan nau'in raunin ji yake: sauti yana shiga, amma a hargitse yake isa, kamar rediyon da tasharsa ba ta kama sosai ba, ana jin ana magana amma ba a fahimtar abin da ake faɗa, musamman a cikin hayaniya. Sai da ya shekara biyu da rabi babu kalma ko ɗaya aka kai shi wurin likitan kunne, kuma tambayar farko da aka yi wa uwar ita ce ko ya yi shawara yana jariri. Da an yi masa ABR kafin ya cika wata uku, da an fara taimaka masa shekara biyu kafin wannan rana. Duk jaririn da shawararsa ta kai ga musanyar jini, ABR ne gwajinsa, kuma a maimaita shi bayan 'yan watanni, domin a wasu jariran jijiyar takan farfaɗo, a wasu kuma ba ta farfaɗowa.

Waɗanne cututtuka ne na lokacin goyon ciki ke taɓa jin jariri?

Huɗu ne suka fi shahara: CMV, rubela, tunjere, da wata cuta mai suna tokzofilasma da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu sosai ba. Abin da ya haɗa su shi ne uwa tana iya ɗaukarsu ba tare da ta kwanta ciwo ba, su ratsa mabiyiya su isa ga ɗan tayi a lokacin da ake gina kunnensa na ciki. Saɓanin shawara, waɗannan sun fi lalata katantanwar kunnen ita kanta.

Mece ce CMV, kuma me ya sa ba a cika jin sunanta ba?

Ƙwayar cuta ce ta bairos wadda yawancin manya sun taɓa ɗauka ba su sani ba, kuma ita ce kan gaba a duniya wajen jawo raunin jin da ake haihuwar yara da shi idan aka cire na gado. A Amurka ana ƙiyasta cewa jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita. Ba a jin sunanta ne saboda a jikin uwa ba ta wuce ɗan zazzaɓi ko kasala, kuma kimanin 9 cikin 10 na jariran da suka ɗauke ta a ciki ana haifarsu ba tare da wata alama ba. Daga cikin waɗannan marasa alamar, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sukan samu raunin ji, wanda zai iya kasancewa a kunne ɗaya, ko ya fara bayan watanni ko shekaru, ya riƙa ƙaruwa a hankali. Don haka yaron da ya ci gwajin ji a makon haihuwa zai iya rasa jinsa yana shekara biyu.

Wahalarta tana wajen tabbatarwa. Dole ne a gwada fitsari ko yawun jariri da gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar ita kanta, cikin kwana 21 na farko, domin bayan haka ba a iya bambance wanda ya ɗauka a ciki da wanda ya ɗauka ta nono ko wajen haihuwa, kuma ta cikin ce ke lalata ji. Jaririn da aka haifa da ƙaramin kai, ko ɗigo-ɗigon jini a fata, ko kumburin hanta da saifa, ko wanda ya faɗi gwajin ji, shi ne ya fi cancantar a gwada shi kafin wannan wa'adi ya cika. Idan an tabbatar kuma yana da alamomi, akwai maganin sha da ake rubutawa valganciclovir, ana fara shi a watan farko a ci gaba har wata shida, ana duba jini a kai a kai domin yana rage fararen ƙwayoyin jini. Yana taimakawa wajen kare jin da ya rage, amma ba a dogara da shi wajen dawo da wanda ya riga ya tafi.

Har yanzu babu allurar rigakafinta. Mai ciki ta fi ɗaukarta daga yawu da fitsarin ƙananan yara, galibi ma nata ɗan da ke rarrafe. Kariyar da ke hannunta ita ce wanke hannu da sabulu bayan yi wa yaro tsarki ko share masa majina, da barin cin ragowar abincinsa ko shan ruwa a kofinsa, da sumbatarsa a goshi maimakon baki. Wannan yana da wuyar kiyayewa a gidan da ake ci a kwano ɗaya, amma ko rage yawan haɗuwa da yawun ma riba ce.

Rubela fa, ba ƙyanda ba ce?

Sun yi kama a ƙuraje, amma cututtuka biyu ne daban. Rubela takan zo da ɗan zazzaɓi, ƙananan ƙuraje na kamar kwana uku, da kaluluwa a bayan kunne, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Idan mace ta ɗauke ta a farkon ciki, musamman makonni 12 na farko, haɗarin ta shafi ɗan tayi yana kaiwa kashi 90 cikin ɗari, kuma abubuwa uku da aka fi sanin ta da su su ne kurumta, yanar ido, da matsalar zuciya, kurumtar kuma ita ce ta fi yawa, sau da yawa ita kaɗai. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ne ya fara gano wannan alaƙa a 1941, kuma annobar da aka yi a Amurka a 1964 zuwa 1965 ta bar kimanin jarirai 20,000 da wannan lalura.

Ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai ƙarfi. Najeriya ta fara gangamin allurar ƙyanda da rubela a haɗe a watan Oktoba na 2025, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Ba a yi wa mai ciki wannan allura, kuma macen da aka yi wa ana so ta jinkirta ɗaukar ciki na wata ɗaya, don haka lokacin da ya dace da ita shi ne kafin aure ko bayan haihuwa.

Tunjere kuma?

Ita ce mafi sauƙin hanawa a cikinsu. Gwajin jini a zuwan awo na farko yana gano ta, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kuma tana kare ɗan tayi idan aka yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. A yi wa mijin magani shi ma, in ba haka ba cutar za ta dawo. Idan ba a magance ta ba, kurumtar tana iya jinkiri har sai yaro ya kai shekara takwas zuwa goma, lokacin da babu wanda zai tuna da cikin da aka yi.

Yaushe ya kamata a gwada jin jariri, kuma me za a lura da shi a gida?

Ƙa'idar da masana ji ke bi ita ce a yi gwajin farko kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, saboda a waɗannan watanni ne ƙwaƙwalwa ke koyon rarrabe sautukan harshe. Ba kowane asibiti ke da na'urorin ba, don haka a tambayi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A faɗa wa mai gwajin tarihin yaron dalla-dalla: shawara da adadin da ta kai, musanyar jini, kwanciya a sashen jarirai, allurar maganin ƙwayoyin cuta ta jentamaisin ta kwanaki da yawa, ko zazzaɓi da ƙuraje a lokacin ciki.

A gida, jariri ɗan wata uku yakan yi shiru ko ya yi murmushi idan ya ji muryar uwarsa, ɗan wata shida yakan juya wajen da sauti ya fito, tsakanin wata shida zuwa tara yakan fara gwalan-gwalan irin su “ba-ba” da “da-da”, a wajen shekara ɗaya kuma yakan amsa sunansa. Tafa hannu a gabansa ko buga kwano kusa da shi ba gwaji ba ne, domin yana ganin motsin, yana kuma jin girgizar a jikinsa. Alamar da ta fi ba da tsoro ita ce yaron da ya fara gwalan-gwalan sannan ya daina.

Idan an tabbatar da raunin ji, me ya rage a yi?

Ya danganta da inda ɓarnar take da kuma girmanta. Idan katantanwa ce ta samu rauni, kamar yadda ake gani a CMV da rubela, na'urar ƙara ji tana taimakawa ƙwarai, kuma ana iya sa wa jariri ita tun yana 'yan watanni. Idan jijiya ce, kamar a shawara, na'urar tana amfanar wasu yaran, wasu kuma ƙara musu ƙarar kawai take yi ba tare da maganar ta fito fili ba, don haka ana gwadawa ne ana bibiya. Ga raunin da ya yi tsanani akwai dashen na'ura a cikin katantanwa ta hanyar tiyata, wanda ke da tsada sosai kuma yake buƙatar horon magana na shekaru bayansa. Kowace hanya aka bi, kada a bar yaron babu harshe ana jiran kuɗin na'ura: a fara maganar hannu da shi tun yanzu, iyaye da yayye su koya tare da shi, domin ba ta hana shi koyon magana da baki daga baya. Yaron da aka tabbatar yana da CMV kuma a ci gaba da auna jinsa a kai a kai har ya shiga makaranta, ko da sakamakon farko ya yi kyau.